Bakancen Gwadabe da Akwatin Ƙarfe

Malam Gwadabe asalinsa mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Ringim, amma Panshekara ta fi garinsu saninsa, domin shekara talatin da biyu ke nan yana fita daga cikinta a kan kekensa ya nufi wata masana'antar jima da ke Challawa. Aikinsa a sashen jiƙa fatu yake, inda ake wanke musu gishiri a cire gashi kafin su wuce wurin magani. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, mai yawan dariya, kuma ba a taɓa jin an kai ƙararsa ofis ba. Matarsa ɗaya, Aina'u, da 'ya'ya biyar waɗanda duk suka yi makaranta da gumin waɗannan fatu.

Abu guda ne ya daɗe yana cin ransa a ɓoye. Mutane suna kiransa Malam saboda furfura da kamun kai, alhali karatunsa na allo ya tsaya tun yana ɗan shekara tara, lokacin da mahaifinsa ya rasu gona ta koma hannunsa. Abin da yake salla da shi kawai ya sani. Da ya kai shekara hamsin da uku sai ya ajiye kunya, ya sayi allo, ya je ya durƙusa gaban Malam Usaini, limamin masallacin unguwarsu, wanda ke karantar da magidanta tsakanin Magariba da Lisha. Ranar da aka rubuta masa darasin farko, daɗi ya kama shi har ya ɗaga hannu a gaban mutane ya yi wa Ubangiji bakance: idan Allah ya nufe shi da sauke izu sittin, zai ciyar da duk wanda suke aiki tare har ya ƙoshi.

Bakance ba abin wasa ba ne, Gwadabe kuwa ya san haka. Washegari ya zagaya kasuwa ya tambayi farashi. A wannan shekara, dubu biyu da goma sha bakwai, buhun shinkafar gida bai wuce naira dubu goma sha shida ba. Ya tsara buhu biyu, raguna biyu, jarkar mai da kayan miya, ya ga dubu ɗari da talatin za su ciyar da ma'aikata ɗari biyu da hamsin, sai ya ƙara dubu ashirin don kada a zo a rasa. Ya sa Zakariyya, mai waldar kamfanin, ya ƙera masa akwatin ƙarfe marar ƙofa, sai 'yar tsaga a sama. Duk ƙarshen wata yana zura dubu biyar. Cikin shekara biyu da rabi adadin ya cika, ya tura akwatin ƙarƙashin gado, ya yi hamdala, ya mayar da hankalinsa kan allo.

Labari kuwa ya riga ya cika masana'anta. Da an gan shi ya jingine keke sai a fara. Wanda ya fi kowa matsa masa shi ne Ɗan'auta, wani ƙaton mai lodin fatu daga ƙasar Maraɗi, wanda sunansa kaɗai ne ƙarami a jikinsa.

"Baba Gwadabe, izu nawa ya rage mu ci shinkafa?"

"Arba'in da ɗaya."

"To, a riƙa sauri. Kada haƙorana su zube kafin ragon nan ya iso."

"Kai da ko ƙashi ba ka bari, ina ruwanka da haƙori?"

Haka aka yi ta yi shekara da shekaru, adadin yana raguwa, zolayar tana ƙaruwa, Gwadabe kuma yana jin daɗinta.

Kada a ɗauka bai san kaya suna tashi ba. Shi ke yin cefanen gidansa, kullum yana ganin kwanon hatsi yana ƙara kuɗi, yana kuma ƙorafi kamar kowa. Sai dai a zuciyarsa ba kuɗi ne a cikin akwatin nan ba. Buhu biyu da raguna biyu ne kwance a ƙarƙashin gado suna jiran ranarsu. Ya riga ya gama wannan lissafi, ya rufe shi, ya ba wa Allah. Ko lokacin da aka sauya fasalin naira, da ya sa Zakariyya ya yanka akwatin, ya yi ta zarya a banki har ya mayar da takardun sababbi, damuwarsa ɗaya ce: kada ko naira guda ta ragu. Ba ta kuwa ragu ba.

A ranar ce Aina'u ta yi magana, tana kallonsa yana mayar da kuɗin.

"Malam, da ka sayi ko tumaki biyu da su mana, a kai wa yayana ƙauye ya kiwata."

"Idan suka mutu fa? Ko aka sace? Wannan amana ce, Aina'u. Ba a kasuwanci da kuɗin bakance."

"Ni dai na ga dubu ɗayan da kake ba ni jiya ba ita ce ta yau ba."

"Wannan ta cefane ce. Wannan kuwa a rufe take."

Aka sake liƙe akwatin.

Da kakar shekarar dubu biyu da ashirin da huɗu Gwadabe ya kai izu na ƙarshe, yana da shekara sittin. Malam Usaini ya sa ranar sauka, Asabar ta uku mai zuwa, aka kai allo wurin mai zayyana. Gwadabe ya yanka akwati, ya sa kuɗin a aljihun 'yar-shara ya dafe da hannu, ya tafi shagon Alhaji Tijjani mai hatsi, wanda suka shekara ashirin suna ciniki da tsokanar juna.

"Alhaji, yau ba kwano na zo saya ba. Buhu biyu na shinkafa, mai kyau."

"Ikon Allah. Gado ka ci, ko kamfanin aka sayar maka?"

"Sauka zan yi."

Alhaji Tijjani ya miƙe ya kama hannunsa da hannu biyu, ya yi masa barka da addu'a mai tsawo. Sannan ya ce, "Saboda darajar karatu zan bar maka a dubu tamanin da takwas."

"Duka biyun?"

"Kowanne."

Gwadabe ya nemi benci ya zauna. Ya tambayi mai, aka ce jarka ta haura dubu saba'in. Rago bai ma tambaya ba, don Alhaji ya riga ya ce kuɗin da ke aljihunsa duka da ƙyar su sayi matsakaici guda.

"To, wa ya taɓa mini kuɗi?" in ji Gwadabe, kamar mai magana da kansa. "Akwatin a liƙe yake. Na ƙirga, dubu ɗari da hamsin cif."

"Ba wanda ya taɓa. Takardunka suna nan, ƙarfinsu ne ya tafi." Alhaji ya jawo kujera kusa da shi. "Yaushe ka yi lissafin?"

"Shekara bakwai ke nan."

"To, dubi buhun nan. Manomin da ya noma shi a Kura ya sayi taki, takin kuwa da dala ake shigo da kayan haɗinsa. Lokacin da ka yi lissafinka dala ba ta kai naira ɗari huɗu ba, yau ta wuce dubu ɗaya da ɗari biyar. Ya sayi fetur ya ba injin ban-ruwa. Litar da ka sani ɗari da arba'in da biyar, tun da aka cire tallafi ta kai dubu. Mai casa ya sayi gas, mai mota ya sayi gas, ɗan dako ma sai ya ci abinci kafin ya ɗauka. Kowa ya ɗora nasa, sannan buhu ya iso nan ka ce Tijjani ne azzalumi."

"Ban ce ba tukuna."

"Fuskarka ta ce. Sannan ka tuna Zawaciki lokacin da ka zo garin nan. Me ke wurin?"

"Gonakin dawa, har inda ido ya tsaya."

"Yanzu fa?"

"Gidaje."

"Kowane gida da bakuna goma, gonar kuma ta tafi. Can yamma manoma da yawa sun bar gonakinsu saboda 'yan bindiga. Masu ci suna ƙaruwa, abin ci bai ƙaru kamarsu ba. Kuɗi kuma gwamnati ta yi ta zubo su cikin gari, fiye da yadda kaya suka ƙaru. Idan kuɗi suka yi yawa a hannun mutane, buhunan kuwa suna nan yadda suke, ai sai kowane buhu ya nemi kuɗi mai yawa."

"Amma ai da kaka kaya suna sauka."

"Suna sauka, shi ya sa ka ji tamanin da takwas ba ɗari ba. Wata shekarar ma, idan damina ta yi kyau, su sauka sosai. Amma ka taɓa ganin sun koma inda suke shekara bakwai baya? Su hau taki biyar, su sauko biyu. Albashinka ya ɗan bi su a baya, ko da yana ɗingishi. Kuɗin akwati kuwa ba su da ƙafa."

Gwadabe ya tura kekensa har gida bai hau ba. Aina'u ta ga fuskarsa ta gane, kuma Allah ya saka mata da alheri, ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ta kawo masa ruwa kawai. Abin da ke damunsa ba kunyar ma'aikata ba ce kaɗai, ko da yake ita ma tana nan. Ya yi wa Ubangijinsa alkawari a gaban shaidu, Ubangiji ya cika nasa ɓangaren, shi kuma ga shi da buhu ɗaya da rabi na shinkafa tsura, babu mai, babu nama. Ya yi tunanin ɗaga saukar zuwa baɗi, sai ya tuna baɗi ma farashi ba jiransa zai yi ba.

Bayan sallar La'asar ya tsaya har mutane suka watse, ya matsa kusa da Malam Usaini ya zayyana masa komai.

"Allah ya gafarta Malam, ku gaya mini gaskiya. Na saɓa bakance ke nan?"

Malam Usaini dattijo ne mai sanyin magana, ba ya gaggawar fatawa. Ya ce, "Maimaita mini abin da ka faɗa a ranar. Ina wurin, amma ina so in ji daga bakinka."

"Na ce zan ciyar da duk wanda muke aiki tare har ya ƙoshi."

"Da kake faɗa, shinkafa da rago suna cikin niyyarka?"

Gwadabe ya binciki zuciyarsa sosai, domin ba ya so ya sauƙaƙa wa kansa da ƙarya. "A'a, Malam. A lokacin mutanen kawai nake gani, yadda muke fitowa da yunwa idan an tashi. Sai washegari a kasuwa shinkafa ta shigo."

"To, abin da ke wuyanka shi ne abin da ka furta kuma ka nufa: ciyarwa, kowa da kowa, har a ƙoshi. Shinkafa da rago tsarinka ne, ba bakancenka ba." Malam ya ɗan murmusa. "Amma ka lura da wani abu, tun da yanzu kai ma almajirin ilimi ne. Zakkar fid-da-kai da me ake auna ta?"

"Da mudu, Malam."

"Nisabin zakkar dukiya fa?"

"Da zinariya ko azurfa."

"Shi ya sa duk shekara kake jin an sanar da sabon adadinsa a naira, alhali nauyin zinariyar bai canja ba. Mudun da ya ƙosar da kakanka zai ƙosar da kai. Naira kuwa sunanta ne kawai ba ya canjawa. Ka yi alkawarin abinci, sai ka adana takarda. Niyyarka kyakkyawa ce, ka tsare amana daga ɓarawo da kuma son zuciyarka, Allah ya ba ka ladan wannan. Amma da ka zo ka tambaya, da na ce maka juya kuɗin zuwa abin da ke riƙe darajarsa ba cin amana ba ne."

"Aina'u ta faɗa."

"To, ka je ka gaya mata Malam ya ce ita ce da gaskiya. Wannan ma wani ɓangare ne na karatu."

Ya je ya gaya mata, ta yi dariya har ta dafa bango. Sannan ta zauna ta karɓi ragamar al'amarin.

"Mutum ɗari biyu da hamsin, a ƙoshi, da dubu ɗari da hamsin. Dambu za a yi."

"Dambu a walimar sauka? Shekara bakwai ana kiran shinkafar Gwadabe."

"Ƙoshi ka yi alkawari ko suna? Masara sabuwa ta shigo, buhu babba bai wuce dubu sittin ba, kuma ya ninka buhun shinkafa nauyi. Zogale yana nan a bayan gidan kowa a unguwar nan. Ka sayo mai lita goma, ƙuli-ƙuli, albasa, attaruhu da itace. Sauran ka bar mana."

Haka kuwa aka yi. Alhaji Tijjani ya zaɓo masa buhun masara mai cika, ya ƙara kwano biyar daga nasa, ya ce kada a ce an yi sauka babu hannunsa. Aka kai inji aka ɓarza. Kwana biyu matan unguwa suna tsinke zogale a tsakar gidan Aina'u, ana hira ana shewa, aka tattaro madambatai har bakwai daga maƙwabta. Gwadabe ya nemi izinin manaja a yi rabon a filin da ke bakin ƙofar masana'anta da ƙarfe biyu na rana, lokacin da masu aikin safe ke fita, masu aikin yamma ke shiga, don kada kowa ya kuɓuce masa.

Ranar Asabar da hantsi, a ƙofar masallaci, Gwadabe ya zauna cikin farar riga, allo mai zayyana a kan cinyarsa. Malam Usaini yana biya masa yana maimaitawa. Ya bi karatun har ƙarshe. 'Ya'yansa da jikokinsa suna tsaye a baya. Da aka shafa addu'a, dattijon da ya shekara talatin da biyu cikin warin fatu bai taɓa yamutsa fuska ba, sai ga hawaye yana bin gemunsa, yana dariya yana sharewa.

Ƙarfe biyu saura kaɗan, a-daidaita-sahu uku suka sauke manyan robobi a bakin masana'anta. Da aka buɗe na farko, tururi ya tashi da ƙamshin albasa da man gyaɗa. Gwadabe ya tsaya gefe. Ma'aikata suka fito, wasu da takalman roba har gwiwa, Ɗan'auta a gaba. Ya leƙa robar ya daɗe yana kallo.

"Baba Gwadabe, ragon a ƙasa yake?"

"Ragon tsadar kaya ta cinye shi, har da fata."

"Shinkafar fa?"

"Ita ta fara ci."

Aka fashe da dariya, domin babu wanda ke wurin da tsadar nan ba ta ci wa wani abu ba. Wani ya ce shi babur ɗin da yake tara wa kuɗi ya koma keke, wani ya ce nasa filin ya koma bulo ɗari. Ɗan'auta ya ɗebi loma ya kai baki, ya lumshe ido.

"Wa ya yi dambun nan?"

"Iyalina."

"To, ku gaya mata wani Bamaraɗe ya ce ko a gidansu sai haka."

Aka zauna rukuni-rukuni a inuwar katanga, Musulmi da Kirista, masu gadi da direbobi, har akawun ofis ya fito da farantinsa. Gwadabe bai ci ba. Ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya yana tambaya, "Ka ƙoshi?" Duk wanda ya yi jinkirin amsawa sai a ƙara masa. Ya aika wa mutum huɗu da ke kan injin da ba a kashewa, ya kuma sa aka ware na mutum shida da ba su zo aiki ba, a kai musu gida. Robobi suka yi ta komawa wayam, har saura ɗaya, ita ma rabi.

Kowa ya amsa, sai mutum guda. Ɗan'auta yana kan faranti na uku.

"Ɗan'auta, ka ƙoshi?"

"Tukuna dai, Baba."

Mutane suka taru a kansu, don kowa ya san sharaɗin bakancen. Aka zuba na huɗu. Gwadabe ya leƙa robar, ya ga abin da ya rage bai fi faranti ɗaya ba, kuɗi kuma babu ko na ƙuli-ƙuli. Ya durƙusa a gaban ƙaton nan.

"Ka ji tsoron Allah, ɗan nan. Idan wasa kake yi ka faɗa mini, idan kuma da gaske ne in aika gida a ɗora tukunya."

"Shekara bakwai nake tara yunwar nan, Baba. Ita ba ta rage daraja ba."

Zakariyya mai walda ya miƙo masa kofin ruwa. "Sha wannan mu gani."

"Kada ka sha," in ji wani daga baya. "Dambu da ruwa, ai sai a ɗauke ka da motar lodi."

Ɗan'auta ya shanye kofin, ya cinye abin da ke farantin har ya suɗe yatsu. Ya yunƙura zai tashi, sai ya koma ya zauna. Ya sake gwadawa, ya dafa katanga, ya sassauta mazagin wandonsa. Ya dubi robar, ya dubi Gwadabe, ya girgiza kai.

"Malam Gwadabe, wallahi na ƙoshi. Ko ragon ne ya zo yanzu, sai dai mu gaisa."

"Kun ji shi?" in ji Gwadabe, yana juyawa ga jama'a. "Ku zama shaida."

Suka ce sun shaida. Ya ɗaga hannuwansa ya yi godiya ga Ubangijin da ya sanar da shi bayan tsufa, ya kuma sauke masa nauyin da ya ɗora wa kansa, mutane suka amsa da amin. Sai ƙararrawar shiga aiki ta buga, masu aikin yamma suka miƙe da ƙyar suna jan ƙafa. Gwadabe ya kankare sauran dambun da ke gindin robar, ya zauna a inuwa kusa da Ɗan'auta, ya yi bisimilla ya fara ci.